Xender, Drive ko a matse? Yadda za ka tura babban bidiyo bai lalace ba

Kafin ka zaɓi hanyar da za ka tura bidiyo, fara duba girmansa tukuna, don da yawanmu ba ma dubawa sai abu ya tsaya a kashi 80 mu fara zagin netwok. Lissafin ba wuya. Yawancin wayoyin Android idan suna ɗauka a 1080p suna cin wajen 16 Mbps, wato megabit 16 a kowane sakan, to ka ninka wannan da yawan sakan ɗin bidiyon ka raba da 8, abin da ya fito shi ne girmansa a MB. A ce bidiyon kamu ne na minti 20, sakan 1200 kenan, sau 16 raba 8 ya ba ka MB 2400, wato giga 2.4. Da wannan bidiyon za mu gwada kowace hanya.

Idan wanda za ka ba wa yana kusa, gida ɗaya ko shago ɗaya, wallahi kar ka ɓata data ko mega ɗaya. Xender da kowa ya sani, da Quick Share wanda ke cikin Android tun daga kamfani (shi ne Nearby Share na da, a 2024 Google da Samsung suka haɗe nasu wuri ɗaya), da AirDrop na masu iPhone, duk aikinsu iri ɗaya ne, waya ta haɗa waifai kai tsaye da ɗayar wayar ta kwafe fayil ɗin yadda yake, ba a rage masa komai. Giga 2.4 ɗin nan cikin 'yan mintuna ya wuce idan wayoyin na kusa da juna kuma ba tsofaffi ba ne sosai. Bulutut zalla kam manta da shi, awanni zai kwashe. Inda ake samun tangarɗa shi ne tsakanin Android da iPhone, don a yawancin wayoyi Quick Share da AirDrop ba sa ganin juna, a nan sai Xender ko LocalSend, shi na biyun kyauta ne kuma yana aiki har da kwamfuta, sai dai dole na'urorin biyu su hau waifai ɗaya, ko ɗaya ya kunna hotsufot ɗayan ya hau. Sannan mai karɓa ya tabbatar yana da wuri a waya kafin a fara, don ba abin da ya fi ciwo irin a kusa gamawa waya ta ce ta cika.

To idan mutumin yana nesa fa, a ce yayarka tana Damagaram ko Kumasi tana jiran ta ga bikin? Nan ne mutane suke kashe bidiyonsu da hannunsu, su shiga WhatsApp su zaɓo shi daga galari su tura. WhatsApp matse shi yake yi sosai kafin ya tafi, ko ka danna HD ɗin da suka kawo a 2023 ragewa yake, bai dai kai na da muni ba. Idan kana so ka gane ɓarnar kar ka kalli fuskar wanda ke tsaye cak, kalli leshin amarya ko aikin wuyan babbar riga, za ka ga zaren ya narke ya zama kamar an shafa fenti, sannan wurin rawa da liƙi inda kowa ke motsi hoton ya farfashe gida-gida, musamman in da daddare aka ɗauka. Kuma duk wanda ya sauke ya sake ɗorawa a sitatus ƙara lalacewa yake.

Maganin a cikin WhatsApp ɗin yake, ka tura ta Document maimakon galari, haka zai je da ingancinsa. Iyakarsa giga 2 ne amma, kenan namu na 2.4 ba zai shiga ba sai an raba shi biyu. Telegram ma giga 2 ne ga fayil ɗaya idan ka tura ta File, masu biyan Premium su ke da giga 4.

Shi ya sa ga abu mai girma haka ni na fi son Google Drive. Duk mai Gmail yana da giga 15 kyauta, sai dai da wasiƙunka da Google Photos duk a cikin wannan 15 ɗin suke ci, don haka leƙa ka ga abin da ya rage. Ka ɗora sau ɗaya, ka canza izini zuwa Anyone with the link, ka tura link ɗin ga mutum goma in ka so. In ka manta wannan izinin kowa zai ta turo maka saƙon neman a buɗe masa. Kuma ka sani duk wanda link ɗin ya faɗa hannunsa zai iya kallo, in bidiyon mata ne a cikin gida, ka yi tunani, gara ka saka imel ɗin mutanen ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma gaya wa mai karɓa ya danna Download, don kallon da ake yi a cikin Drive ɗin sau da yawa ba ainihin ingancin ba ne, sai ya zata kai ka turo abu dishi-dishi.

Tsadar wannan hanyar data ce da lokaci. Kai za ka ƙona giga 2.4 wajen ɗorawa, kowane mai saukewa shi ma giga 2.4 nasa. Idan saurin ɗorawarka 5 Mbps ne, lissafi ya ba da sama da awa ɗaya, don haka jona caji, in kana da datar dare ka bari sai dare.

Saura matsewa. Abu na farko, ZIP ba ya rage bidiyo, don MP4 dama a matse yake, amfanin ZIP kawai ya tattara fayiloli da yawa wuri ɗaya. Matsewa ta gaske ita ce a sake sarrafa bidiyon, kuma in da kwamfuta manhajar HandBrake ta ishe ka, kyauta ce. Zaɓi Fast 1080p30, ka bar RF, wato lambar da ke saita inganci, tsakanin 20 da 23, lambar na hawa fayil na ƙanƙancewa inganci na sauka. In bidiyon ya sauko wajen 6 Mbps, giga 2.4 ya koma MB 900 kenan, ya shiga Document ɗin WhatsApp har da sauran wuri, kuma a fuskar waya da wuya ido ya kama bambanci. A cikin tsarukan matse bidiyo, H.265 ya fi H.264 ƙanƙanta fayil, amma wasu tsofaffin wayoyi da talabijin ba sa buɗe shi, murya ta fito hoto baƙi ƙirin, don haka in ba ka san wayar mutum ba tsaya a H.264. Gwada da minti ɗaya na wurin da ya fi duhu da motsi kafin ka sa duka.

Wa ya kamata ya matse? Wanda 'yan uwa kawai zai tura wa su kalla a waya. Amma in mai editin za ka ba wa ya haɗa maka, ko za a haska a babban allo, kar ka taɓa shi, abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa, ba shi na asali ta Xender ko Drive. Kuma ko ka matse ka ajiye na asalin a wani wuri. In filash za ka sa wa kuma fayil ɗin ya haura giga 4 ya ƙi shiga alhali akwai wuri, filash ɗin FAT32 ne, kwashe kayan ciki ka yi masa fomat zuwa exFAT sai ya karɓa.