Kwatanta kwanan wata: a matsayin rubutu ko a matsayin lokaci?

A ce wa'adin shigar da takardar neman aiki ya ƙare ƙarfe 11:59 na daren 10 ga Maris, 2025, agogon Najeriya. Hanyoyi biyu mai rubuta manhaja zai bi ya gane ko takarda ta makara.

Ta farko ita ce kwatanta rubutun yadda ya shigo. Tana da sauƙi, amma kwamfuta harafi bayan harafi take dubawa. A wurinta `"09/04/2025"` ya gabaci `"10/03/2025"`, don 0 na gaban 1, sai ta karɓi takardar 9 ga Afrilu, wata guda bayan an rufe. Haka `"9"` yake fin `"10"` idan rubutu ne. Hanyar ba ta aiki sai in duka biyun suna tsarin shekara-wata-rana, kuma agogonsu ɗaya.

Ta biyu ita ce a fara mayar da kowanne zuwa lokaci guda na UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Najeriya na gaban UTC da awa ɗaya, don haka wa'adin ya zama `2025-03-10T22:59:00Z`. Wanda ya tura daga Kumasi ƙarfe 11:30 na dare agogon Ghana zai ɗauka ya samu shiga, alhali a Kano 12:30 ta yi, ya makara. Wannan hanyar ce kaɗai za ta gano haka.

Ni ta biyu nake bi, amma ita ma ba ta san gaibu ba. Idan aka ba ta `03/10/2025` ba a faɗi tsari ba, Ba'amurke na nufin 10 ga Maris, mu kuma 3 ga Oktoba. Gara manhajar ta ƙi karɓa ta sake tambayar mai shigarwa da ta yi cinke.