Farar Riga Ko Baƙa: Wacce Ke Ƙara Jiki, Wacce Ke Ragewa?

Idan aka yanka riguna biyu da awo ɗaya, ɗaya fara ɗaya baƙa, mai farar zai fi kama da mai jiki. Dalili kuwa, farin yadi yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, sai ido ya ga gefensa ya ɗan bazu fiye da ainihin iyakarsa. Baƙi kuma shanye hasken yake yi, shi ya sa yake kamar ya tsuke.

A ganina, maganar inuwa ta fi wannan tasiri. A kan farar riga, duk inda tumbi ya turo ko yadi ya tattare, inuwa tana fitowa ɓaro-ɓaro, da ita ido ke gane tudu da kwari. A kan baƙa, inuwar ta saje da launin, sai jiki ya zama kamar shafaffe.

Ɗauki mace mai ƙananan kafaɗu da faɗin ƙugu. In ta sa riga mai haske da siket mai duhu, saman zai buɗe, ƙasan ya ja baya, jikin ya daidaita. In ta juya su, ƙugun ne zai ƙara fitowa. Sai dai layin da launukan biyu suka haɗu yana raba tsayi gida biyu, kuma ido a nan yake tsayawa, don haka kada ya faɗo daidai inda jiki ya fi faɗi.

Baƙin ma yana da iyaka. In yadin mai sheƙi ne, ko ya matse, ko aka tsaya jikin farin bango, surar jikin za ta fito sarai.