Gargaɗi: Mai Sayar da Fayil ɗin "Daidaita Launin Allo" Daga Nesa

Jama'a masu aikin zane da hoto, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallata wani fayil, yana cewa da zarar ka saka shi a kwamfutarka, launin da kake gani a allo shi ne zai fito a takarda, ko wace maɗaba'a ka kai aikinka. Ni na biya shi, kuma na kwana ciki.

Ga yadda yake yi. Zai tambaye ka samfurin allonka, sannan ya nemi ka ba shi izinin shiga kwamfutarka daga nesa. Ya saka fayil mai ƙarewa da `.icc`, farin allon ya ɗan ja zuwa rawaya, ya ce "ka ga bambanci?" Lallai za ka ga bambanci. Daga nan ya turo maka rahoto mai cike da lambobi, wai kuskuren launinka ya koma ƙasa da 1. Da wannan ƙwarin guiwa na tura littafin hotuna aka buga. Da ya dawo, fuskoki sun yi duhu, inuwa ta cushe ta zama baƙi ƙirin, shuɗin bango kuwa ya karkata zuwa shunayya.

Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, da me ya auna? Daidaita allo aikin awo ne. Akwai ƙaramar na'urar auna launi da ake ɗorawa a kan gilashin allon. Manhaja tana nuna launuka ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana karanta hasken da ya fito a zahiri, sannan a gina fayil ɗin daga bambancin abin da aka nema da abin da aka samu. Fayil ɗin na wannan allon ne shi kaɗai. Ko allo biyu samfuri ɗaya ba sa ba da launi iri ɗaya, kuma allo yana sauyawa da tsufa, shi ya sa ake maimaita awon lokaci-lokaci. Wanda yake can nesa ba ya ganin hasken allonka. Lambobin rahotonsa daga ina suka fito ke nan?

Wani abokin aikina mai na'urar ya zo muka auna, bayan mun bar allon a kunne minti 30 ya zauna. Haskensa ya haura 250 cd/m². Masu shirya aikin bugu kan ajiye shi tsakanin 80 da 120, gwargwadon hasken ɗakin. Nan asirin duhun ya tonu: allo mai haske fiye da kima yana sa ka ga hoto ya yi wasai, sai ka ƙi ƙara masa haske, takarda kuwa ba ta da fitila a bayanta. Kuma wannan hasken da maɓallan jikin allon ake rage shi, abin da mutumin nan bai ko ambata ba. Da muka buɗe bayanan fayil ɗin nasa, sunan wani allo daban muka tarar a ciki. Kwaso shi ya yi kawai ya canja masa suna.

Babbar ƙaryar ita ce "ko wace maɗaba'a". Ko allonka ya daidaita tsaf, rabin aiki ka yi. Ɗaya rabin yana hannun masu bugu, domin launi ya dogara da injin, tawada da irin takarda. Su za ka tambaya wane fayil ɗin launi suke aiki da shi, misali `FOGRA39` na takarda mai sheƙi, ko nasu na kansu. Sai ka zaɓe shi a Photoshop ta `View > Proof Setup > Custom`, ka kunna `Gamut Warning`. Da na yi haka, shuɗin bangon nan gaba ɗaya ya rufe da toka-toka, alamar tawadar ba za ta iya fitar da shi ba. Babu fayil ɗin allo da zai gyara wannan, sai dai ka sauya shuɗin da hannunka tun kafin bugu.

Duk wanda ya ce zai daidaita maka allo, ka tambaye shi wace na'ura zai ɗora, a wane haske zai tsayar da shi, kuma farin zai saita a 6500K ko 5000K. Idan ya fara kame-kame, ko ya ce komai ta intanet zai yi, riƙe kuɗinka. In ka riga ka ba shi hanyar shiga kwamfutarka, cire manhajar da ya shiga da ita nan take, ka canja kalmomin sirrinka, ka goge fayil ɗinsa ta `Color Management` idan Windows kake amfani da ita. Ni yanzu ba na sakin babban aiki sai an fara buga mini shafi ɗaya na gwaji a kan ainihin takardar, na duba shi a hasken rana kusa da allon.