Digiri ko difloma ga mai son aikin lantarki

"Yayyena, na gama sakandare kuma harkar lantarki nake so. Digiri zan nema ko difloma? Ƙarfin gidanmu bai taka kara ya karya ba."

Ƙanena, ɗauki difloma. Ita na yi, shekara biyu, kuma kusan rabin lokacin a ɗakin gwaji muka cinye shi. Ba na manta ranar da malaminmu ya ajiye mana injin tura ruwa mai layin wuta uku, yana ta ƙugi amma ruwan da yake turowa bai kai ya kawo ba. Muka auna wuta, lafiya lau. Sai ya ce mu dubi inda injin yake juyawa. Ashe baibai yake yi. Muka kashe wuta, muka musanya biyu daga cikin wayoyin ukun, ruwa ya taho da ƙarfinsa. Irin wannan ake biyan mutum a kai, kuma kafin in karɓi takardata na fara samun 'yan kuɗin kashewa da shi.

Digiri kuwa shekara uku ne ko huɗu, na injiniya galibi huɗu ko fiye, kuma a farkonsa lissafi ya fi yawa. Ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, akwai ƙofofin da galibi sai da shi: digiri na biyu, da lasisin cikakken injiniya mai sa hannu a zanen aiki. Ko a tsarin da ƙasashe ke amincewa da takardun karatun juna an raba su, Yarjejeniyar Washington ta 1989 ta shafi karatun injiniyoyi, ta Dublin ta 2002 kuma masu aikin fasaha. In sa hannun nan ne burinka, za ka dawo wa digiri.

Dawowar ce ke buƙatar lissafi tun yanzu. Jami'o'i da yawa suna ɗaukar mai difloma a aji biyu, ka ga in digirin na shekara huɗu ne, biyu na difloma da ukun da suka rage shekara biyar ke nan maimakon huɗu, amma kana da sana'ar da za ta biya maka. Wasu kuma sai da sakamako mai kyau, wasu ba sa lissafa difloma sam. Kafin ka biya kuɗin rajista, nemi jami'ar da kake hari ta nuna maka a rubuce cewa tana karɓar diflomar wannan makaranta.

Sannan ka yi hattara da 'yan kasuwar takardu. Duk wanda ya ce difloma cikin wata uku, ko ya ce "muna da alaƙa da wata jami'ar waje" amma ya kasa nuna takarda, juya ka tafi. Duba jerin hukumar da ke tantance makarantu a ƙasarka da kanka, kuma sunan kwas ɗin za ka nema, domin makaranta takan samu amincewa alhali wani kwas nata bai samu ba. In ka je, ce su buɗe maka ɗakin gwaji, ka ƙirga injinan da ke tashi.