Handawut ɗin auna ciwo bayan mako shida a aljihuna

Kafin mu fita firaktikal, malamarmu ta raba mana handawut mai shafi huɗu da ya jera ma'aunan ciwo a jadawali guda: na manya, na yara, da na marasa lafiyar da hankalinsu ya ruɗe. Mako shida yana aljihun yunifom ɗina, don haka abin da zan faɗa a kansa na gwada shi a bakin gado.

Sashen manya ya fita sarai. Ka tambayi mutum ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10. 1 zuwa 3 ciwo mai sauƙi ne, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa sama mai tsanani. Abin da takardar ba ta kawo ba shi ne al'adarmu. Ka ce "Baba, ya jiki?" amsar "da sauƙi" ce, ko da gumi na keto masa. Sai da na koyi gama gaisuwa tukuna, sannan in ce, "Baba, in sifili shi ne ba ciwo sam, goma kuma ciwon da ba a jurewa, yanzu kana nawa?"

A sashen yara na fi yaba wa wanda ya rubuta. Ya bambanta hotunan fuska iri biyu. Wong-Baker, da ake amfani da shi daga shekara 3, ya fara da fuska mai murmushi ya ƙare da mai hawaye, don haka yaron da aka horar cewa namiji ba ya kuka yakan ƙi nuna ta ƙarshe. FPS-R, daga shekara 4, babu murmushi babu hawaye. Ya kuma ja kunne da manyan baƙaƙe cewa yaron ne zai nuna fuskar da ta dace da abin da yake ji, ba nas ce za ta dubi fuskarsa ta zaɓa masa ba. Ga ɗan wata 2 zuwa shekara 7 da ba zai iya faɗa ba kuwa, akwai FLACC, wanda ke duba fuska, ƙafafu, motsi, kuka da jin lallashi, kowanne maki 0 zuwa 2.

Inda takardar ta gaza mini shi ne sashen ƙarshe. Ta kawo PAINAD, wanda aka fitar a 2003 domin masu cutar mantuwa da ta yi nisa, ta lissafa abubuwa biyar da ake lura da su, wato numfashi, nishi, fuska, yanayin jiki da jin lallashi, kowanne maki 0 zuwa 2, amma ba ta faɗi lokacin da ya kamata a duba ba. An kwantar da wani dattijo da ya karye a ƙugu, ba ya ma gane 'ya'yansa. Na tsaya minti biyar ina lura da shi a kwance: numfashi daidai, ba nishi, jiki a sake, sai ɗan ɗaure fuska. Na rubuta 1. Sista mai kula da ɗakin ta karanta, ta ce, "Ɗiyata, dawo lokacin da za mu juya shi." Da muka ɗaga shi, numfashinsa ya riƙa sarƙewa jifa-jifa, maki 1. Nishi ƙasa-ƙasa, 1. Ya yamutse fuska, 2. Ya dunƙule hannu yana ture mu, jiki ya sandare, 2. Muryar 'yarsa ta ɗan kwantar da shi, 1. Jimla 7. Mutum ɗaya, safiya ɗaya, 1 da 7. Ashe kwanciyar da yake yi shiru gudun motsa ƙugun ne. Aka sanar da likita, aka koma ba shi magani kafin juyi, muna sake aunawa bayan kamar awa guda. Har yanzu raina na sosuwa in na tuna cewa 1 ɗin nan da na rubuta za ta iya sa ya wuni da ciwonsa.

Akwai kuma illar jadawalin kansa. Da yake duk ma'aunan nan suna ƙarewa a 10, jera su kafaɗa da kafaɗa na sa ɗalibi ya ɗauka 6 ɗin PAINAD daidai take da 6 ɗin da babba ya furta da bakinsa. Ba haka ba ne. Ta farko alamu ce da idonka ya ƙirga, kuma tsoro, yunwa ko cikar mara duk suna iya ɗaga ta. Haka nan, mai ɗan ruɗewa da har yanzu zai iya cewa "e" ko "a'a", a fara tambayarsa kafin a koma ga alamu.

Zan ba 'yan ajin da ke bayanmu shawarar su riƙe handawut ɗin, musamman shafin yara. Amma a gefen PAINAD da FLACC na rubuta da jan biro: a auna a kwance, a auna a motsi, a kuma rubuta sunan ma'aunin kusa da makin a fayil.