Yadda na karɓo shafin shagona na Google bayan layin yaronmu ya ɓata

Kayan sola nake sayarwa a Kano, batira da fanel da inbata. Shafin shagon da ke fitowa a taswirar Google ɗan yayata ne ya buɗe shi da imel ɗinsa, lokacin yana tsare mini shago. Daga baya ya tafi karatu, aka sace masa waya, layin da ya haɗa da imel ɗin bai dawo ba, kalmar sirrin kuma ta shige masa. Shi kaɗai ne mai iko da shafin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lambar da ke jiki tasa ce, wadda ta mutu. Sai da wani dattijo ya shigo yana cewa, "Alhaji, kwana biyu ina kiranku ba ta shiga," sannan na gane cinikin da ke wuce ni.

Wani maƙwabci ya ce in buɗe sabo kawai. Ban yi ba, kuma na gode Allah. Shafi biyu a adireshi ɗaya ana ɗaukar na biyun a matsayin maimaici, sannan sharhin da kwastomomi suka rubuta shekara da shekaru yana kan tsohon, ba zai biyo ni ba.

Da imel ɗina na shiga business.google.com/add, na rubuta sunan shagon, na zaɓe shi. Sai aka nuna mini cewa wani ya riga ya mallaki shafin, har da ɗan gutsuren imel ɗinsa, sauran haruffan a rufe. Wannan ya taimaka, domin nan na tabbatar na yaron ne, ba wani baƙo ya ɗauke ba. Na danna "Request Access", na cike sunana da lambata da matsayina a shagon, na nemi mallaka. Saƙo ya tafi ga tsohon imel ɗin, ni ma aka turo mini nawa na shaida. Kada ka goge wannan saƙon, ta cikinsa ake duba inda maganar ta kwana.

Mai shafin yana da kwana 3 ya amsa. Da yaron na iya buɗe imel ɗinsa, dannawa ɗaya ta gama komai. Tunda babu mai amsawa, wa'adin na cika aka ba ni damar karɓa, da sharaɗin in tabbatar shagon nawa ne.

Nan ne aikin yake. Ni bidiyo aka nema, kuma ba wanda ka ɗauka ka ajiye ba, a take ake ɗaukarsa cikin manhajar Google, a jere ba yankewa. Na farko bai karɓu ba. Daga cikin shago na fara, na yi ta nuna batira, ban nuna titi ba, ban nuna allon suna ba. A karo na biyu na zo da sassafe kafin a buɗe. Na tsaya a bakin titi na nuna shagunan da ke gefena, na ɗaga waya kan allonmu har sunan ya karantu, na sa makulli na buɗe kwaɗon ƙofa da hannuna, na shiga na nuna kaya, na jawo aljihun teburin kuɗi da littafin rasit mai sunan shago. Abu uku suke son gani: inda shagon yake, cewa yana aiki, da cewa kai ne mai riƙe da shi. Makullin nan shi ya fi kowace takarda magana. Dubawar kan kai kwana 5 na aiki; nawa ya fito kafin haka.

A ganina tsarin ya yi adalci, kuma sisi ban biya ba, don haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya karɓo maka, ka yi hattara da shi. Sai dai yana da iyaka. Idan tsohon mai shafin yana nan ya danna ƙi, to sai ɗaukaka ƙara da hujjoji, kuma ba kowane shafi ake buɗe wa damar karɓa bayan wa'adin ba. Wanda ba shi da shago tsayayye, kamar mai zuwa gida-gida yana haɗa sola, shi hanyarsa daban ce.

Ranar da shafin ya dawo hannuna na fara canza lambar waya. Sharhin mutane da hotuna duk suna nan. Daga nan na shiga "People and access" na gayyaci uwargida a matsayin "Owner" da imel ɗinta, sabon yaron shago kuma "Manager" na ba shi, wanda ke iya sa hoto da gyara lokacin buɗewa amma ba ya iya cire kowa.