Hotuna sun yi kyau, amma ya goge mini shafukan da Google ya sani

Wanda yake neman mai ɗaukar hoton kaya a Sakkwato, wannan matashin ya iya. Zan fara da faɗin haka don kada in ci haƙƙinsa. Jakunkunan makaranta da takalman yara da ƙananan hijabai da nake sayarwa a shagona na Mabera, bai bar ko ɗaya ba sai da ya fito da shi tsaf, launin da ke hoto shi ne launin da ke hannu. Ya kuma rage nauyin hotunan, shafin ya daina jan ƙafa a wayar da ba ta da ƙarfin sabis. Ba zan kama sunansa ko na ofishinsa ba, masu shaguna a intanet a garin nan sun san irin masu wannan aikin kuma sun san abin da suke karɓa. Ni dai na biya cif, ban nemi ragi ba.

Abin da na ɗauke shi ya yi ba wani abu ne mai wuya ba. Hutu ya kusa ƙarewa, makarantu za su koma a Satumba, na ce ya sabunta mini kayan makaranta a shafina na WooCommerce, manhajar da nake sayar da kaya da ita a intanet: sabbin hotuna, sabon farashi, a cire launukan da suka ƙare, a sa waɗanda suka iso. Shafin jakar nan ta goyo mai aljihu uku shi ne jarina. Ya daɗe a wurin, iyaye sun rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashinsa, kuma idan mutum ya buga `school bag Sokoto` a Google yana fitowa a shafin farko. Ta nan nake samun odar Birnin Kebbi da Gusau da Tambuwal, mutanen da ba su taɓa taka shagona ba.

Da ya ce ya gama, na duba na ji daɗi har na yi masa addu'a. Sai waya ta yi tsit. Lokacin da ya kamata in rasa inda zan sa kaina don yawan saƙo, sai 'yan unguwa kawai da suka saba shigowa da ƙafarsu. Na kira shi, ya ce: "Hajiya, kasuwa ce, kowa kuka yake, babu kuɗi hannun mutane." Na san babu kuɗi, amma babu uwar da za ta tura ɗanta makaranta da littattafai a leda saboda haka. Sannan wata kwastomata ta Arkilla ta turo mini hoton fuskar wayarta. Ta danna mahaɗin jakar da na taɓa aika mata ta WhatsApp, abin da ya fito shi ne `404`, babu shafin. A ranar raina ya ɓaci sosai, domin wannan mahaɗin yana yawo a rukunonin iyayen yara da ban san adadinsu ba.

Ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo shi ya zauna ya binciko mini. Ya ce: "Gwaggo, ba gyara ya yi ba, gogewa ya yi ya sake sabo." Wato maimakon ya buɗe tsohon shafin jakar ya canza hoto da farashi a cikinsa, sai ya jefa shi a `Trash`, ya ƙirƙiri wani daban. Tsohon adireshin yana ƙarewa da `/product/jakar-makaranta/`, sabon kuma `/product/sabuwar-jakar-makaranta-2025/`. A idona jaka ɗaya ce. A wurin Google kuwa shafi biyu ne: ɗaya da ya sani ya amince da shi, wanda yanzu ya mutu, da wani baƙo da bai ma kai ga ganinsa ba. Matsayin da shafi yake da shi a sakamakon bincike yana manne da adireshinsa ne, tare da duk mahaɗan da wasu suka yi zuwa gare shi. Kamar mutum ya tashi daga rumfar da ya shekara goma a Babbar Kasuwa ya koma wani layi cikin dare, bai bar wa maƙwabta sallahu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yaron ya raba mini gardamar kasuwa da ta shafi, don wannan kowa zai iya dubawa da kansa. A Search Console, wurin da Google yake nuna wa mai shafi bayanan bincike, cikin `Performance`, akwai lambobi biyu: `Impressions`, sau nawa aka nuna shafinka ga masu bincike, da `Clicks`, sau nawa aka danna. Ya zaɓi tsohon adireshin kaɗai, ya kwatanta da watan Agustan bara, tunda wurin yana ajiye bayanan wata 16. Da a ce rashin kuɗi ne, da za a ga ana nuna shafin kamar yadda aka saba, sayen ne kawai zai ragu. Amma layin nunawar da kansa ne ya gangaro ƙasa jim kaɗan bayan aikin, ya kwanta. Ya kuma buɗe `Pages`, ga adireshina a jere a ƙarƙashin `Not found (404)`. Daga nan babu sauran zancen kowa kuka yake.

Sunan kayan ma mai hoton ya taɓa shi. Da sunan yana farawa ne da abin da mutane suke bugawa, jakar makaranta da Turancinta da sunan gari. Shi kuwa ya sa "Sabon shigowa! Garaɓasar komawa makaranta" a gaba, ya tura ainihin sunan jakar can ƙarshe inda Google yake yanke shi a waya. Babu wanda yake neman "sabon shigowa". Jerin `Queries` yana nan yana nuna kalmomin da suke kawo mini mutane, bai ko leƙa ba.

A nan dole in sassauta, don da na kira shi na nuna masa bai yi musu ba. Ya zo shagon da yamma da kwamfutarsa, ya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, za a gyara, ba sai kin ƙara ko sisi ba." Allah ya taimaka, WordPress, manhajar da shafina yake kai, yana riƙe abin da aka jefa a `Trash` kwana 30 kafin ya share shi gaba ɗaya, kuma jakunkunan ba su kai ba. Ya danna `Restore`, shafin ya dawo da tsohon adireshinsa da ra'ayoyin iyaye duka. Akwai wani tarko a nan da ɗan yayana ya ankarar da shi: abin da aka maido yana iya dawowa a matsayin `Draft`, wanda ba kowa ke gani ba, sai an duba an sake danna `Publish`. Daga nan ya kwashe sabbin hotunan da farashin ya zuba a tsohon shafin, ya mayar da sunan yadda yake, bai taɓa akwatin `Slug` mai riƙe da ƙarshen adireshin ba. Sabon shafin mai 2025 kuwa, tunda na riga na yaɗa shi a wasu wurare, ya cire shi ya karkatar da adireshinsa zuwa tsohon da layi ɗaya a fayil ɗin saitin shafin mai suna `.htaccess`:

```
Redirect 301 /product/sabuwar-jakar-makaranta-2025/ /product/jakar-makaranta/
```

Lambar 301 tana shaida wa Google cewa ƙaurar ta dindindin ce, ya haɗa komai a wuri guda. Sannan ya sa adireshin a `URL Inspection` na Search Console ya danna `Request indexing`, don Google ya sake ziyartar shafin. Wannan roƙo ne kawai, ba umarni ba. Google da kansa ya ce sake ziyartar shafi kan ɗauki 'yan kwanaki har zuwa 'yan makonni, kuma yawan dannawa ba ya sa a yi sauri. Haka kuwa aka yi. Jakar ta dawo sannu a hankali, amma kafin ta koma inda take, yara sun riga sun shiga aji da jakunkunan da aka saya a wani wuri. Kasuwar komawa makaranta gajeriya ce, zangon farko kuma shi ne mai tsoka, na Janairu ba ya kama ƙafarsa.

Na so in ce mun rabu lafiya a nan. Sai da nake lissafin kayan da zan saro don azumi na shiga neman shafukan kayan Sallah na yara, rigunan 'yan mata da ƙananan kaftani da huluna. Babu su. Ba a fili ba, ba a `Trash` ba. Ashe su ya fara gogewa tun ranar farko, har ya danna `Empty Trash`, wai lokacinsu ya wuce suna cika wuri. Bai tambaye ni ba, bai kuma ajiye kwafin shafin ba kafin ya sa hannu. Ra'ayoyin da iyaye suka rubuta a kansu Sallah bayan Sallah sun tafi tare da su, kuma wannan ba abin da zan iya saya ba ne ko in ce a sake rubuta mini. Har yanzu idan na tuna sai in ji zafin abin sabo. Kayan da suka ƙare ai ba a goge su. Ana sa musu `Out of stock` ne a bar shafin a raye, da jeren wasu kaya a ƙasa, ya ci gaba da riƙe gurbinsa har kaya su dawo. Sallah ba ta wucewa, kowace shekara sau biyu take zuwa. Google ma shawararsa ga masu kasuwar lokaci-lokaci ita ce a riƙe adireshi ɗaya ana maimaita shi duk shekara, kada a sa shekara a ciki. Mutumin da yake karɓar kuɗi a kan wannan sana'a bai kamata ɗalibi ne zai koya masa wannan ba.

Abin da ya rage shi ne muka ciro tsofaffin adiresoshin daga jerin 404 ɗin nan, muka sake gina shafukan a kansu harafi da harafi, don mahaɗan da ke hannun mutane su sake aiki. Na matsa a yi shi tun yanzu ba sai azumi ya kama ba. Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, masu sayen kayan yara daga nesa kuma ba sa jiran goman ƙarshe, balle ranar da fadar Sarkin Musulmi za ta sanar da ganin wata. Duk gyaran da zan yi, hoto ne ko farashi, ina so ya zauna makonni kafin nan, kuma ba duka a rana ɗaya ba: in taɓa kaɗan, in duba `Impressions`, sannan in ci gaba.

Hoto kam zan sake kiransa ya ɗauka, ya turo mini ta waya in sa da hannuna. Kalmar sirrin shafin na riga na canza ta. Rigunan Sallar suna nan yanzu a tsohon adireshinsu ba tare da ra'ayi ko ɗaya a ƙarƙashinsu ba, kuma da na yi masa maganar, abin da ya iya ce mini shi ne in roƙi kwastomomi su sake rubutawa.